Tsangwama a Wurin Aiki: Yadda Ake Gane Abin da Ya Zama Ɗabi'a

Tsangwama a wurin aiki ita ce duk wata magana ko wani aiki da mutum bai so ba, wanda ke zubar masa da mutunci ko ya sa wurin neman abincinsa ya zame masa wurin fargaba. Shirin na yau ya keɓanta ga tsangwama iri uku. Akwai wadda ake yi wa mutum saboda nakasa. Akwai wadda ake yi saboda jinsi, wato don mutum mace ce ko don namiji ne. Sai kuma wadda ake yi wa mace saboda tana da juna biyu. Tambayar da za a bi ita ce: wace hujja ke nuna cewa abin ya zama ɗabi'a, ba tsautsayin rana ɗaya ba ne?

Kashi na farko, dalilin da ya sa ake wannan tambaya.

Tsangwama ba ta cika zuwa gaba ɗaya ba. Kaɗan-kaɗan take zuwa. Yau an yi habaici. Jibi an canja wa mutum kujera. Mako mai zuwa an yi taro ba a kira shi ba. Idan aka ɗauki kowane ɗaya shi kaɗai, ƙarami ne, kuma wanda ya yi yana da amsa a baki: wasa ne, mantuwa ce, tsarin aiki ne ya zo da haka. Sai an jera su ne nauyinsu ke fitowa. Yau da gobe ce ke sa allura ta gina rijiya.

Dokokin Najeriya sun san da haka. Dokar Hana Cin Zarafin Mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta bayyana tsangwama a sashe na 46 a matsayin jerin ayyuka masu maimaituwa da ke sa tsoro ko su taɓa mutuncin mutum, kamar bibiyar mutum, ko yawan kiransa a waya, ko yawan aika masa saƙo. Wannan doka tana aiki a Babban Birnin Tarayya, sai kuma jihohin da suka kafa tasu irinta. Dokar Shaida ta 2011 ita ma ta taɓo batun. A sashe na 12 ta ce idan ana gardamar ko an yi abu da gangan ne ko bisa kuskure, to kotu na iya duba ko abin yana cikin jerin abubuwa masu kama da juna waɗanda mutum ɗaya ke da hannu a cikinsu. Ma'ana a sauƙaƙe: wanda ya taka ƙafar mutum sau ɗaya zai iya cewa bai gani ba. Wanda ya taka sau bakwai, kuma ƙafar mutum ɗaya kullum, zai sha wahalar faɗin haka.

A nan akwai gyara da ya kamata masu sauraro su riƙe. Ba dole ba ne sai abu ya maimaitu kafin ya zama laifi. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019 kuma Najeriya ta shiga a 2022, ta ce tsangwama na iya zama ta sau ɗaya ko mai maimaituwa. Wanda ya kai wa ma'aikaciya hannu, ko ya ce sai ta ba shi kanta kafin ya sa hannu a takardar ƙarin girmanta, ya riga ya yi laifi tun a karon farko. Haka korar mace don ta ɗauki ciki. A 2023 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Akure ta yanke hukunci a kan wata 'yar sanda da aka kora saboda ta yi ciki ba ta da aure, bisa wata tsohuwar ƙa'idar rundunar da ba ta shafi maza ba. Kotun ta ce ƙa'idar ta nuna bambanci, ta kuma ba ta diyyar naira miliyan 5. A wannan shari'a ba a buƙaci dogon jeri ba, domin bambancin a rubuce yake. Ke nan, abu mai tsanani sau ɗaya ya isa. Ƙananan abubuwa ne ke buƙatar jeri. A maimaita: mai tsanani sau ɗaya ya isa, ƙanana su ke buƙatar jeri.

Kashi na biyu, misali guda da za a bi daki-daki.

Misalin ƙirƙira ne don a fahimta, ba labarin wata sananniya ba. A ɗauka wata mata ce ke aikin karɓar kuɗi a wani babban kanti. Shekara uku tana wurin. Ba a taɓa ba ta takardar tuhuma ba, wadda ma'aikata ke kira kweri. Ranar 4 ga Maris ta sanar da manaja tana da ciki wata huɗu. Ranar 6 ga wata, a gaban ma'aikata, manaja ya ce shi ya sa ba ya son ɗaukar matan aure, kanti ba ɗakin haihuwa ba ne. Aka yi dariya. Ranar 11 aka ɗauke ta daga kujerarta aka kai ta sito, inda ake yini a tsaye ana jera kwalaye. Ranar 19 ta je awo da izini, amma a ƙarshen wata aka yanke mata naira 5,000 da sunan fashin aiki. Ranar 2 ga Afrilu ta samu kweri na farko a rayuwarta, saboda makarar minti goma. Ranar 9 ta rubuta wa mai kantin koke. Ba a amsa ba. Ranar 23 aka ba ta takardar sallama, aka ce ana rage ma'aikata.

Idan wannan mata ta je gaban lauya ta ce, "Manaja ya tsane ni tun da na yi ciki," ta faɗi gaskiyar zuciyarta, amma ba ta ba shi abin riƙewa ba. Idan kuwa ta ajiye masa waɗannan ranaku bakwai a jere, labarin da kansa yana magana. Mai bincike zai nemi abu huɗu a ciki.

Abu na farko shi ne lokaci. Yaya abubuwa suke kafin ranar 4 ga Maris, kuma yaya suka koma bayanta? Shekara uku babu tuhuma, sai ga canjin wurin aiki da yankan albashi da kweri da sallama a cikin mako bakwai. Wannan "kafin" ɗin yana da nauyi ƙwarai, kuma shi mutane suka fi mantawa da shi. Suna adana shaidar wulaƙanci, su bar shaidar zaman lafiyar da ta gabata. Tsohuwar takardar yabo, ƙarin albashin bara, saƙon da oga ya taɓa rubuta "aikinki na kyau", duk hujja ne. Su ne layin da ake auna canjin da shi. Kotun Ma'aikata ta taɓa duba irin wannan a shari'ar Folarin Oreka Maiya da ƙungiyar Clinton Health Access Initiative, inda aka sallami ma'aikaciyar jim kaɗan bayan ta sanar da shugabanta tana da ciki, alhali ba a taɓa kokawa da aikinta ba. Kotun ta ɗauki hakan a matsayin nuna bambanci, ta ba ta diyya.

Abu na biyu shi ne alaƙa. Ba kowane oga mai baƙin hali ne mai nuna bambanci ba. Wani kowa yake yi wa tsawa, maza da mata, masu lafiya da marasa lafiya. Wannan mugun shugaba ne, amma ƙarar nuna bambanci tana buƙatar zaren da ya ɗaure wulaƙancin da cikin, ko da nakasar, ko da jinsin. A misalin nan zaren shi ne maganar ranar 6 ga Maris. Jimla ɗaya ce, amma ita ke ba sauran abubuwan ma'ana. Shi ya sa ake son a rubuta maganar yadda ta fito daga baki, kalma da kalma, da harshen da aka yi ta. "Ya zage ni" ra'ayi ne da za a iya musantawa. "Ya ce kanti ba ɗakin haihuwa ba ne, da misalin ƙarfe tara, a gaban mutum biyar" magana ce da za a iya tambayar mutum biyar a kanta.

Abu na uku shi ne kwatanci. Me aka yi wa wasu da suka yi daidai abin da ta yi? Littafin sa hannu na ranar 2 ga Afrilu zai nuna mutum nawa suka makara. Idan shida ne suka makara, ita kaɗai ta samu kweri, to makara ba ita ce dalili ba. Idan wani abokin aiki ya kai ɗansa asibiti da izini a watan kuma ba a taɓa albashinsa ba, yankan naira 5,000 ya zama abin tambaya. Idan kuma an ce ana rage ma'aikata, sai ga sabuwar yarinya a kan kujerar a watan Mayu, to rage ma'aikatan da aka faɗa ya zama fakewa da guzuma. Kwatanci dole ya yi daidai: aiki iri ɗaya, shugaba ɗaya, laifi iri ɗaya, lokaci na kusa.

Abu na huɗu shi ne sanarwa. Shin masu wurin sun sani? Me suka yi da suka sani? Koken ranar 9 ga Afrilu yana aiki biyu. Ya nuna cewa matar ba ta ɗauki abin wasa ba, ta kuma faɗa. Sannan ya ɗauke maganar daga kan manaja shi kaɗai ya ɗora ta a kan kantin. Sallamar da ta biyo bayan koke da mako biyu tana da nata sunan: ramuwar gayya. A shari'ar Ejieke Maduka da kamfanin Microsoft, wadda Kotun Ma'aikata ta yanke a Disambar 2013, ma'aikaciyar ta ce shugaban kamfanin a Najeriya ya riƙa taɓa jikinta duk da ta hana, kuma bayan ta ƙi aka raba ta da aikinta. An kawo shaidar cewa ba ita kaɗai yake yi wa haka ba. Kotun ba ta tsaya a kan mutumin ba, ta ɗora wa kamfanin alhaki saboda bai ɗauki mataki ba, ta kuma ba da diyyar miliyoyin naira.

A sake jera su don wanda ya buɗe rediyonsa yanzu: lokaci, alaƙa, kwatanci, sanarwa.

Adalci ya buƙaci a juya misalin. A ce kantin ya fito da takardu da ke nuna tun a Janairu aka tsara mayar da masu karɓar kuɗi uku zuwa sito, kuma biyu daga ciki maza ne. A ce littafin sa hannu ya nuna duk wanda ya makara ranar ya samu kweri. To jerin ya fara warwarewa, abin da ya rage shi ne mummunar maganar manaja da yankan kuɗin ranar awo. Tara hujja ba don a kama mutum kawai ake yi ba. Wani lokaci hujjar ce ke nuna wa mai ƙorafi cewa abu biyu ne ke da ƙarfi a cikin bakwai, kuma gara ya tsaya a kan biyun da ya cakuɗa su da masu rauni. Ƙorafin da aka cika da kowane ƙaramin ɓacin rai yana ba ɗaya ɓangaren damar rusa masu sauƙin rusawa, ya bar alƙali da shakku a kan sauran.

Kashi na uku, yadda abin yake ga mai nakasa.

A nan jerin yakan ɗauki wata siffa dabam, domin rabinsa ba magana ba ce, shiru ne. A ɗauki ma'aikacin da shan-inna ta taɓa, yana tafiya da sanda. Ofishinsa na ƙasa, sai aka mayar da taron mako-mako hawa na biyu, a ginin da babu na'urar hawa. Ya roƙi a dawo da shi ƙasa, aka ce za a duba. Ya sake roƙo, aka ce za a duba. Daga baya rashin halartar taron ya bayyana a takardar auna aikinsa. Ko a ɗauki kurma da ake sanar da canjin jadawali da baki kawai, sannan a tuhume shi da rashin zuwa. Babu zagi ko ɗaya a nan. Hujjar ita ce yawan roƙon da aka yi, da ranakunsu, da amsar da ba ta zo ba, da sauƙin abin da aka roƙa. Roƙo uku a rubuce a cikin wata huɗu, ga ɗakin taro a ƙasa babu kowa a ciki, sun fi kowace doguwar magana ƙarfi.

Ɗaya rabin kuma shi ne laƙabi. A ƙi kiran mutum da sunansa, a riƙa kiransa da lalurarsa, ko a kwaikwayi tafiyarsa ko maganarsa. Kariyar da aka fi ji ita ce "ai wasa muke yi, shi ma yana dariya". Hausawa sun san wasa. Akwai na taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Kanawa da Zage-zagi. Amma duk waɗannan kowa na da damar ramawa, kuma babu wanda albashinsa ke hannun abokin wasansa. Dariyar wanda ke tsoron kora ba yarda ba ce. Abin da ke yanke gardamar shi ne ranar da mutum ya ce a daina. Duk abin da aka yi bayan wannan rana ya fita daga wasa. Don haka saƙo gajere, mai ladabi, da ke cewa "Don Allah a riƙa kirana da sunana," yana raba tarihin gida biyu.

Dokar Hana Nuna Bambanci ga Masu Nakasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, sannan naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, ga mutum ɗaya. Ta kuma bar wa wanda aka zalunta damar shigar da ƙarar neman diyya.

Kashi na huɗu, yadda ake adana hujja, da inda ake yin kuskure.

Mafi arha kuma mafi amfani shi ne littafi da biro. A rubuta a ranar da abin ya faru, ko washegari: kwanan wata, lokaci, wuri, abin da aka faɗa ko aka yi, da waɗanda ke wurin. Rubutun da aka yi a ranar ya fi wanda aka zauna aka tuno bayan wata shida, domin tunani yana haɗa ranaku, kuma lauyan ɗaya ɓangaren kuskuren kwanan wata ɗaya yake nema. Littafin ya zauna a gida, ba a durowar ofis ba. Wanda ba ya iya rubutu, ko makaho, zai iya naɗar muryarsa a waya ya aika wa wani amintacce a ranar, saƙon zai ɗauki kwanan wata da kansa. Kada a koma a gyara tsohon shafi. Idan an tuno wani abu, a rubuta shi a sabon shafi da sabon kwanan wata.

Sai saƙonnin waya. Hoton fuskar waya yana da amfani, amma ya nuna lamba da rana da abin da ya gabaci saƙon da abin da ya biyo baya. Saƙo ɗaya da aka yanko daga tsakiyar hira yana jawo zargin an ɓoye wani abu. Kada a goge hirar don ɓacin rai, kada kuma a sayar da wayar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya buƙaci wanda ya kawo shaida daga waya ko kwamfuta ya yi bayanin na'urar da ta fitar da ita, da cewa tana aiki daidai, galibi ta hanyar takardar tabbatarwa da ake sa wa hannu. Hakan ya fi sauƙi idan wayar tana nan. Masu amfani da WhatsApp su lura ko an kunna tsarin da ke share saƙo da kansa bayan wasu kwanaki.

Takardun da mutum ke da haƙƙin riƙewa su ne nasa: takardar ɗaukar aiki, takardun albashi da saƙon banki, kweri da amsarsa, katin awo, takardar likita. Koke a yi shi kwafi biyu, a sa mai karɓa ya buga hatimi ko ya sa hannu a ɗaya. Kwasar takardun sirrin ma'aikata ko fayil ɗin wasu mutane kuskure ne da ke iya ba da dalilin kora na gaskiya. Littafin sa hannu da jadawalin aiki suna hannun mai wurin, kuma lauya na iya neman a kawo su kotu.

Shaidun baki su ne mafi rauni a aikace, ba don ƙarya ba, sai don kowa na tsoron bakin aikinsa. Mutum biyar suka ji, amma da wuya biyu su tsaya. Waɗanda suka riga suka bar wurin sun fi sakin baki, musamman matar da aka taɓa yi wa irin haka lokacin nata cikin. Ita ce ke mayar da labarin mutum ɗaya ya zama halin wuri.

Kashi na ƙarshe, inda ake kai maganar.

Sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulkin 1999, bayan gyaran 2010, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar nuna bambanci da cin zarafin jinsi a wurin aiki, kuma kotun na da rassa a birane da dama, ciki har da Kano da Kaduna da Abuja. Ga mai juna biyu, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaciyar da dokar ta shafa hutun mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin, ya kuma hana a ba ta takardar sallama a lokacin hutun. Wanda ba shi da kuɗin lauya na iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, ko Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa, ko ƙungiyar ƙwadagon da yake ciki. Lokaci yana da muhimmanci a nan. Idan ma'aikatar gwamnati ce ake ƙara, lauyoyinta sukan kawo dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ƙayyade wata uku don shigar da ƙara. Saboda haka ranar abu na ƙarshe a jerin, wato ranar 23 ga Afrilu a misalin matar nan, ita ce ranar farko da lauya zai tambaya.